Kafin ka murɗa sukurun AVR, auna wutar a wuri biyu

Na iske ɗan ƙanwata durƙushe a bayan janareto, ya cire murfin baya, sukundireba a hannun dama, waya a hannun hagu tana nuna masa wani bidiyo. Injin yana aiki lafiya lau, ba tari ba hayaƙi, amma fankar ɗaki na juyawa kamar an roƙe ta. Na ce me za ka yi? Ya ce, "Kawu, wutar ce ta yi ƙasa, akwai wani ɗan sukuru a jikin AVR, da an murɗa shi shi ke nan." AVR ɗin nan ita ce 'yar na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar da janareto ke fitarwa. Na ce ka auna? Ya ce ai ga fankar nan kana gani. Na karɓe sukundirebar na sa a aljihu, ya bi ni da kallo kamar na ƙwace masa gado.

Abin da ya sa na yi masa haka, ni ma sukurun nan na taɓa murɗawa, kuma na ji a jikina. Janareton da nake da shi a lokacin mai ɗan girma ne, yana ɗaukar firji da injin jan ruwa da dutsen guga. Saboda ƙara na ajiye shi can nesa da ɗakuna, kamar mita 40, na ja waya zuwa cenji-oba. Wayar siririya ce, mai kauri 1 mm², irin wadda ake sa wa fitilu. Da ba ta kai ba na ƙulla mata wata a tsakiya, na murɗe su da hannu na naɗe da tef. A gaskiya ban ga laifina sosai a nan ba, don ita ce a hannuna, kuma ta yi shekaru tana aiki ba wanda ya yi ƙorafi. To amma kaya sun yi ta ƙaruwa a gidan, ita kuma wayar tana nan yadda take.

Wata rana ana guga, famfo na jan ruwa, sai fitilu suka dushe, firji ya riƙa yunƙurin tashi yana kasawa. Ina da mitar auna wuta, kuma na iya amfani da ita, wannan ne ma abin da ya fi ba ni haushi har yau. Na sa ta a soket ɗin falo, ta nuna 185V. Maimakon in taka zuwa wurin injin in sa ta a soket ɗinsa, sai na yanke hukunci daga zaune cewa AVR ya gaji. Na bar yaro riƙe da mitar a falo yana ƙwala mini lamba, ni kuma ina can ina murɗa sukuru. Ya ce 200, na ƙara. Ya ce 215, na ƙara. Da ya kai 225 na rufe murfi ina jin kaina injiniya.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, AVR bai san akwai falo ba. Aikinsa ya duba wutar da ke fitowa daga koyil ɗin janareton, in ta yi ƙasa ya ƙara wa amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a ciki, wuta ta kan gawayin da ake kira buroshi don maganaɗisu ya ƙaru, in ta yi sama ya rage. A bakin injin yake aunawa. Kuma a bakin injin tun farko 220V ce cif, ba abin da ya same shi. Waccan 35V da ta ɓace, a hanya ta ɓace. Wayar tagulla mai 1 mm² tana da turjiyar kusan ohm 0.018 a kowace mita, wuta kuma zuwa take ta dawo, saboda haka mita 40 ta zama 80, kusan ohm ɗaya da rabi ke nan. Lodin ranar ya kai amfiya 15, ka ga wayar kaɗai ta cinye sama da 20V. Sauran kuma ƙullin tsakiya da wani noti da ya saki a cikin cenji-oba suka raba.

Asarar hanya kuwa tana bin lodi ne. In ana jan wuta da yawa ta yi yawa, in an daina ta tafi. Da na tura falo zuwa 225, bakin injin ya haura 260. Ana gama guga, tanki ya cika aka kashe famfo, sai asarar ta kusa gushewa, wutar ta shigo ɗakuna kusan yadda ta fito. Fitilu suka yi wani irin haske fari fat. Talabijin ta yi tas ta ɗauke, cajojin waya suka bi ta, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Garin neman gira aka rasa ido. Da na je na kama ƙullin nan na tsakiya, tef ɗin ya narke ya manne, tagullar ta yi baƙi, sai da na yarfe hannu don zafi.

Ina iya cewa ba wanda ya taɓa gaya mini, kuma gaskiya ne, a lokacin ba wani bidiyo da za ka buɗe. Har mai gyaran da na kira daga baya, da ya zo AVR ɗin ya fara canzawa kafin ya kalli waya, don haka ba ni kaɗai ba ne mai wannan tunani. Amma duk wannan kame-kame ne. Mita tana hannuna, tafiyar taku hamsin ce ta gagare ni. Ku kuwa yaran yanzu da komai yake a tafin hannunku, me ya hana ku? Bidiyon minti goma ne, ku tsallake zuwa inda ake murɗa sukuru, bayanin da ya gabace shi ko oho.

Na yi niyyar jero muku abubuwa da yawa, amma na san ba za ku karanta ba. Na farko dai, cire gidan gaba ɗaya daga jikin injin, ka sa mita a soket ɗin janareton kansa. Sannan ka mayar da lodi, ka sake aunawa a nan, ka kuma auna a cikin gida. In bakin injin yana tsaye wajen 220 zuwa 230 amma gida ya yi ƙasa, rufe murfin nan ka bar AVR ya huta. Kashe injin ka bi waya da hannu da hanci: filogi, ƙulli, notocin cenji-oba, duk inda ya yi ɗumi ko ya canza launi nan ne. Waya mai 2.5 mm² a wancan nisan da lodin ba za ta ci fiye da 9V ba, mai 4 mm² kuma ƙasa da 6V.

In kuwa a bakin injin ma ƙasa take, juya mitar zuwa Hz, ma'aunin da ke nuna maka gudun injin, kafin komai. Kunnenka ba ma'auni ba ne. Ƙaramin janareto mai ba da 50Hz juyi 3000 yake yi a minti, kuma zai iya sauka ƙasa da haka sautinsa yana nan da daɗi. Ba lodi ya kamata ka ga kamar 51 zuwa 52, da lodi ya zauna kusa da 50. In ka ga 45, matsalar gudun inji ce, ta gwamna mai daidaita gudun injin ko kafireto ko lodin da ya fi ƙarfinsa, AVR ba shi da hannu a ciki. Kuma kada ka ja sukurun gwamna don ƙara bolteji, wannan wata wautar ce daban da na ga ana yi. Gudu da Hz ake saita shi.

Na ɗan ƙanwar tawa da muka auna, ba irin nawa ba ne. Babu lodi ko kaɗan, Hz na tsaye a 52, amma boltejin na yawo tsakanin 170 da 210 a bakin injin. Muka kashe, muka kwance noti ɗaya da ke riƙe da buroshi. Gawayin guda ya cinye saura ɗan guntu, sifirin ɗinsa ba ya iya danna shi sosai, zoben tagullar da yake gogawa kuma ya yi baƙi da datti. Wutar da AVR ke aikawa tana shiga tana yankewa, shi ya sa lambar ke rawa. Muka sa mita a kan zobban biyu, ta ba mu ohm hamsin da 'yan kai, wanda daidai ne ga irin waɗannan ƙananan injuna, yawanci tsakanin 40 da 70 suke. Da ta nuna a buɗe ko kusa da sifili, da amecha ce ta tafi. Aka goge zobban da samfefa mai laushi, aka sa sabon buroshi, aka danna filogin AVR da ya ɗan yi sako-sako, wuta ta tsaya a 224. Ya ce, "Kawu, ai da na murɗa ma da ta ƙaru." Ta ƙaru mana, zuwa lokacin da gawayin zai kama da kyau ta yi tsalle ta same ku a ɗaka. Ko na gode bai ce ba, ya koma kan wayarsa.

Akwai gwajin da ke raba gardama tsakanin AVR da koyil. A zare wayoyin AVR biyu daga buroshi, a ba buroshin 12V daga batir, fositif a inda jar wayar take, a tayar da injin ba lodi. In soket ya ba da 'yan gomomin bolt a tsaye ba rawa, amecha da koyil lafiya suke, zargi ya koma kan AVR. In bai ba da komai ba, ko ka sayo AVR goma ba za su yi maka magani ba. Na faɗa muku ne don ku sani, amma kada ku yi. Hannu na kusa da abin da ke juyawa, ga wuta tsirara, ku kuma ba ku da natsuwa. Ko da yake in ba ku taɓa ba yaushe za ku iya? To ku yi, amma a gaban wanda ya taɓa yi, kuma a ajiye waya.

AVR na mutuwa, ban ce ba ya mutuwa ba. Zafi da jijjiga da lodin da ya wuce kima suna kashe shi, wani lokaci za ka ga baƙin ƙaron da aka cika shi da shi ya tsage ko kafasiton jikinsa ya kumbura. In an kai nan a sayi mai daidai da girman injin da yawan wayoyin filoginsa, kada a sa na ƙarami a babba don kawai ya shiga. Wasu ƙananan injunan ma ba su da AVR ko buroshi, kafasito ne kawai a bayansu, shi ake canzawa da mai lamba iri ɗaya da tasa a jiki, bayan an sauke cajin da ya riƙe.

Sukurun kuwa kada ka taɓa shi. In ya zama dole, bayan an sa sabon AVR misali, to gida a cire, Hz a daidai, mita a bakin injin kana kallonta da idonka, ba wani na ƙwala maka lamba daga nesa ba. Kwata-kwatan juyi za ka riƙa yi kana jira lambar ta zauna, kuma da ta kai 230 ka cire hannunka.