Hotuna huɗu da sallama ɗaya

A manhajojin neman aure irin su Muzz, da yawa daga 'yan matan zangonninmu na Accra ba sa rubuta komai a shafinsu. Suna, shekaru, wani lokaci "Alhamdulillah" da alamar zuciya, shi ke nan. Da farko ina ɗauka girman kai ne, sai ƙanwata ta ce mini tsoro ne: Nima da Maamobi da Fadama duk gida ɗaya ne, idan mace ta zuba tarihinta a can, kafin la'asar ya isa kunnen gwaggonta. Saboda haka idan kun dace da irin wannan, wato ka zaɓe ta ita ma ta zaɓe ka, abin da ke hannunka hotuna ne kawai, kuma daga cikinsu za ka fitar da maganar farko.

Wadda zan ba da labarinta hotuna huɗu ta sa. Na farko fuskarta ce da mayafi ruwan goro. Na biyu taron biki ne, 'yan mata biyar sanye da anko. Na uku tana zaune gaban keken ɗinki, awo rataye a wuya. Na huɗu kuwa tana tsaye kan gadar igiya a tsakiyar daji, ta damƙe igiyoyin da hannu bibbiyu, tana dariya irin wadda tsoro ke haifarwa.

Na fuskar nan na wuce shi nan take. Duk namijin da ya dace da ita wannan hoton ya fara gani, kuma abin da ya rubuta bai wuce "Masha Allah, kina da kyau" ba. Me za ta amsa? "Na gode." Magana ta mutu tun ba a haife ta ba. Na bikin ma na bar shi, domin ban tabbatar wacce ce ita a cikin biyar ɗin ba, kuma tambayar "ke ce wacce?" ba ta yi wa mace daɗi.

Hoton keken ɗinkin shi ya fi ja na, a nan kuma na fi daɗewa ina tunani. Da na buɗa hoton da yatsu biyu, sai ga allon wani shago a bayanta, ta taga. Na san shagon, na san layin, a Nima yake, ban fi tafiyar minti goma daga wurin ba. Zuciya ta ce rubuta mata, "Ashe ke maƙwabciyata ce, na gane layinku." A wajen namiji wannan wayo ne da nuna lura. A wajen mace kuwa, baƙon da ba ta taɓa gani ba ne ya gaya mata ya san inda take wuni. Wadda ta ƙi rubuta ko da unguwarta a shafi, ba ta sa hoton don a gano shagonta ba, ta sa shi ne don a ga tana da sana'a. Tun daga nan na kafa wa kaina iyaka: abin da ido ke gani ba sai an buɗa hoto ba, shi ta nuna, shi kuma zan taɓa. Lambar mota, sunan makaranta a rigar yaro, allon shago, duk na gani na yi shiru. Haka ma yaron da ke hannun mace a hoto. Wataƙila ɗanta ne, wataƙila ɗan yayarta, kuma saƙon farko ba wurin wannan binciken ba ne.

Sai gadar igiya. Wannan hoton ya fi sauran domin wani abu take yi a cikinsa, kuma duk wanda ya hau irin gadar nan ya sauko da labari. Hankalina ya tafi Kakum, kusa da Cape Coast, inda aka buɗe gadar a 1995, gadoji bakwai ne a jere daga bishiya zuwa bishiya. Amma ba Kakum kaɗai ke da ita ba. An yi irinta a lambun Legon nan cikin Accra, akwai kuma a Bunso kan hanyar Kumasi. Don haka ban yanke hukunci ba, na mayar da zatona tambaya. Ga abin da na tura:

"Assalamu alaikum, Malama. Gadar nan ta hotonki na ƙarshe, Kakum ce? Na ga kin riƙe igiya da hannu biyu kina dariya. Ni da na hau, tun a ta biyu gwiwoyina suka fara karatu. Ke kin ƙarasa, ko kin juyo?"

Sallama, abu ɗaya daga hoto ɗaya, ɗan guntun labarina, sai tambayar da za ta iya amsawa tana cikin motar haya ta trotro. Guntun labarin nan yana da amfani, domin idan tambaya ce zalla sai ta ji kamar tana gaban ɗan sanda. Kuma gaskiya ne na hau Kakum. Da ban taɓa hawa ba, da sai in ce ban taɓa ba, in tambaye ta ko tana ba matsoraci shawara ya gwada. "Malama" na ce, ban ce "Hajiya" ba, ban kuma ce "masoyiya" ba. Wasu 'yan mata na jin Hajiya ta tsufar da su, ɗayar kuwa ba ka kai matsayin faɗinta ba.

Na ɗan yi caca da na rubuta da Hausa. Sunan Musulunci a Accra ba ya nuna harshe, tana iya zama Badagomba ko Bakotokola wadda Hausar baki kawai take ji, ba ta saba karanta ta ba. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne "Alhamdulillah, komai lokaci ne" da ke ƙarƙashin sunanta. Inda babu irin wannan alamar, nakan yi sallama in rubuta da Turanci, in ƙara da cewa ina jin Hausa.

Washegari da dare ta amsa: "Wa alaikumus salam. Ba Kakum ba ce, Bunso ce. Na ƙarasa, amma ƙawata sai da aka riƙo ta. Kai da wa ka je?" Zaton da bai faɗa daidai ba ya ba ta abin gyarawa, kuma mutane na son gyara. Abin da na fi dubawa a amsar shi ne ta ƙara abin da ban tambaya ba, sannan ta mayar mini da tambaya. Idan amsa ta zo "eh" ko "lol" kawai, nakan sake gwadawa da wani hoton, in ta sake zuwa haka in haƙura. Idan kuma aka tsallake tambayata gaba ɗaya, aka hau kirana da sunayen soyayya, aka nemi mu koma WhatsApp nan take, to ina zargin hotunan ba na mai rubutun ba ne. Wanda ya saci hoto ba ya sanin inda aka ɗauke shi, kuma ba a jimawa sai maganar turo kuɗi ta MoMo ta biyo baya.

Zancen keken ɗinki sai da muka saba da hira na ɗauko shi, na tambaye ta ko kayan Sallah sun hana ta barci. Ita da bakinta ta ce shagon a Nima yake. Layin kuwa ban ambata ba, sai ranar da ta ba ni lambar yayanta ta ce in fara gaisawa da shi.