Minti goma a cikin baho

Yau da asuba na shiga bandaki a gidanmu na Agege, na dafe bango ina jiran azabar da na saba, wallahi sai ta zo da sauƙi, har na tsaya shiru ina mamaki. Sati biyu kenan tunda na yi wani bahaya mai tauri kamar dutse ya tsaga min fatar bakin dubura, duk shiga sai in ji kamar ana yanka ni da reza, ga ɗan jini ja a jikin tishu, raɗaɗin kuma ya bi ni har cikin motar danfo awa ɗaya ko biyu. Ni na ɗauka basir ne, likita ya duba yace tsagewa ce, wai zafin ke sa naman wurin ya ɗaure, in ya ɗaure jini baya isa sosai, ciwon ya ƙi rufewa, ni kuma don tsoro ina riƙe bahayan yana ƙara tauri.

Abinda nake yi ba yawa, ruwan ɗumi a baho, ba mai ƙuna ba, babu gishiri babu sabulu, in zauna minti 10 zuwa 15 bayan na fito da kuma kafin kwanciya. Na rage biredi da shayi, na koma wake, gwanda, miyar kuɓewa da fiya wata leda shida a rana, na daina yunƙuri, da ruwa nake tsarki a hankali. Likitan yace in ya wuce sati 6, ko jinin ya yi yawa ko baƙi, ko zazzaɓi da kumburi, in koma. Kwana goman da na ɓata ina jin kunyar faɗa su ne ke damuna.