Daƙiƙa shida da gaɓa 44: yadda na daidaita muryar Hausa da bidiyon kamfani

Wani kamfanin wutar sola da ke Abuja ya ba ni aikin mayar da bayanin bidiyonsa na minti biyu daga Turanci zuwa Hausa, da sharaɗin cewa ba za a taɓa hoton ba, domin an riga an gama tace shi, an ɗora kiɗa, kuma shugabanninsu sun amince da shi. Wannan sharaɗin shi ne tushen wahalar irin wannan aiki, saboda an yanka hoton ne bisa numfashin mai karanta Turanci, sannan ana so Hausa ta shiga cikin wannan ma'auni ba tare da an ji alamar matsi ba.

Kafin in fassara ko da kalma ɗaya, sai da na zauna da bidiyon na auna shi. Na rubuta lokacin da kowace jimlar Turanci ta fara da lokacin da ta ƙare, na kuma rubuta abin da ido yake gani a tsakanin, musamman inda hoto ya sauya ko inda rubutu ya bayyana. Bidiyon yana tafiya da hoto 25 a kowace daƙiƙa, kamar yadda aka saba a talabijin ɗin ƙasar nan, saboda haka lamba irin `00:00:18:12` tana nufin daƙiƙa 18 da kusan rabi. Na kuma auna wuraren da babu magana sai kiɗa, domin daga nan ake ranto lokaci idan tura ta kai bango.

Masu aikin muryar Turanci sukan yi lissafi da kalma, wajen 150 a minti ɗaya. A Hausa wannan lissafin ba ya amfani sosai, domin "da" kalma ce, "al'ummomin" ma kalma ce, alhali ɗaya gaɓa guda ce, ɗayar kuma gaɓa huɗu. Ni da gaɓa nake lissafi. Na roƙi Malamar da za ta yi karatun ta turo mini wani sakin layi da ta karanta a wayarta cikin natsuwa, na ƙirga, na tarar tana furta kimanin gaɓa 5 a daƙiƙa. Wannan ya zama mudun da na auna komai da shi, kuma mudunta ne ita kaɗai. Da wani ne zai karanta, da sai na sake awo.

Jimlar da ta fi ba ni aiki tana da gurbin daƙiƙa 6, wato gaɓa 30 idan ba a numfasa ba, ko 25 zuwa 27 idan ana son magana irin ta mutane. Fassarar da ta bi Turancin sau da ƙafa ta fito haka: "Mun himmatu wajen samar da hanyoyin wutar lantarki masu ɗorewa kuma masu sauƙin kuɗi ga al'ummomin karkara a faɗin ƙasar nan." Gaɓa 44 ke nan, kusan daƙiƙa 9. Bayan tsawon, akwai wata matsalar da takarda ba ta nunawa. A daƙiƙar farko ta gurbin, wata yarinya tana danna makunni, ƙwan fitila ya haska ɗakin, sannan hoton ya koma kan rufin gidaje. A wannan fassarar kuwa, sai a gaɓa ta 13 ake ambaton wuta, lokacin da fitilar ta riga ta wuce.

Abin da na yi shi ne na ajiye takardar Turancin, na tambayi kaina yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana idan yana tsaye a ɗakin yana nuna fitilar. Ba zai ce ya himmatu wajen samar da hanyoyi ba. Zai ce yana kai wuta. Haka kuma ba zai ce al'ummomin karkara ba alhali ga ƙauyuka, kuma Hausa ta ba shi damar ɗauko abin da yake son jaddadawa ya sa shi a gaba. Sai jimlar ta koma: "Wuta mai ɗorewa, mai sauƙin kuɗi, ita muke kai wa ƙauyukan ƙasar nan." Gaɓa 23 ce, da wuraren tsayawa biyu, kuma kalmar farko tana faɗowa daidai lokacin da ɗakin ya haska. Jami'in kamfanin, wanda ba ya jin Hausa, ya nuna damuwa da ya ga layin ya gajarce, don haka na mayar masa da shi Turanci, na nuna masa cewa ɗorewa da arha da ƙauyuka duk suna nan, abin da ya fita ado ne kawai.

Ba kowane layi ne yake karɓar irin wannan aski ba. Adadi, farashi da sharuɗɗan garanti ba a rage su, kuma a nan ne Hausa take cin lokaci ƙwarai. Akwai inda aka ambaci gidaje 12,500, wanda a bakin mai Turanci gaɓa 6 ne, amma "dubu goma sha biyu da ɗari biyar" gaɓa 12 ne cif. Kamfanin ya ce lallai a faɗi adadin cikakke, ni ma ina ganin sun yi daidai, domin da yawa daga cikin masu sauraron ba za su karanta abin da ke kan allo ba. Sai muka fara jimlar daƙiƙa ɗaya kafin inda Turancin ya fara, muka ci daga cikin gurbin kiɗan da ke gabanta.

A situdiyon da muka yi naɗin, a Wuse, injiniyan ya ba da shawarar a bar dogayen jimloli yadda suke, shi zai ƙara musu sauri da `Change Tempo`, wani umarni na manhajar tace sauti da ke ƙara saurin magana ba tare da sauya karin murya ba. Na amince da hakan a wuri ɗaya kawai, da kashi 3 cikin 100, kuma ba na son a wuce kashi 5. Dalilina shi ne Hausa tana bambanta ma'ana da tsawon wasali, kuma sauri, na inji ne ko na baki, yana rage wa dogon wasali tsawonsa. Bambancin garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi tsawon wasalin farko ne kaɗai. Mai sauraro zai gane abin da ake nufi daga yanayin maganar, amma kunnensa zai gaya masa cewa wannan ba muryar mai magana da shi ba ce, ta mai gudun kada mota ta tashi ce. Tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, na ja layi a ƙarƙashin kalmomin da za su iya rikitarwa, na kuma sa alama a duk inda za a numfasa.

Duk da wannan shiri, bakin mai karatu ne alƙali na ƙarshe. A wani layi da lissafina ya nuna ya shiga gurbinsa daidai, Malamar ta cire abin kunnenta ta ce, "Malam, a nan ba ka bar mini wurin haɗiye yawu ba, jimlar gaba tana hawa kaina." Gaɓoɓin layin kusan duk masu nauyi ne, masu dogon wasali ko masu ƙarewa da baƙi, kuma irin waɗannan sun fi cin lokaci ko da adadinsu bai ƙaru ba. Muka cire "kuma" guda ɗaya, muka mayar da "domin" ta koma "don", ta sake karantawa, layin ya zauna da ragowar rabin daƙiƙa. Tun daga wannan aikin, duk layin da na ga gaɓoɓinsa masu nauyi sun rinjaya, da gaɓa 4 a daƙiƙa nake auna shi, ba 5 ba.