Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makon da Takobina Ya Yi Nauyi

A makon jiya na tsaya ne a inda jarumin ƙaramin wasan kwamfutar da nake haɗawa ya fara kai sara, dodo kuma yana rasa jini yadda lissafi ya tanada. Sai dai da ƙanena ya gwada, sai ya ce: "Yaya, wannan takobin iska yake sara." Maganar ta sosa mini rai, amma gaskiya ya faɗa, domin takobin yana ratsa jikin dodon ne ya wuce kamar bai taɓa komai ba.

Abin da na fara ƙarawa shi ne ɗan tsaiko a daidai lokacin da sara ya sauka. Wasan yana nuna firam 60, wato hotuna 60 a jere, a kowane sakan, saboda haka na tsayar da komai na kimanin firam 4, abin da ido ba ya ɗauka a matsayin tsayawa, sai dai hannu ya ji kamar ƙarfe ya ci karo da ƙashi. A gwajin farko kuwa wasan ya sandare gaba ɗaya, na kwashe dare ina neman dalili, kafin na gane cewa a Unity, manhajar da nake haɗa wasan da ita, umarnin jira na `WaitForSeconds` yana ƙirga lokacin cikin wasa ne, wanda ni da kaina na mayar da shi sifili. Ga gyaran:

```csharp
Time.timeScale = 0f;
yield return new WaitForSecondsRealtime(0.07f);
Time.timeScale = 1f;
```

Zumuɗi ya sa na kai tsaikon firam 12, nan take ƙanena ya tambaye ni ko kwamfutar ce ta fara ciwo. Tun daga ranar na bar dogon tsaiko ga saran ƙarshe da ke kashe dodo.

Daga nan na sa jikin dodon ya matse idan an sare shi, faɗinsa ya zama 1.25 na asali, tsayinsa 0.8, domin idan aka ninka su a sami 1, girmansa bai ƙaru ba ke nan, bai ragu ba. Yakan zauna a matse har tsaikon ya ƙare, sannan ya ɗan miƙe ya koma daidai. Hoton kawai nake matsewa, ban taɓa `BoxCollider2D`, wato akwatin da ke gane karo, ba, kuma na ɗora cibiyar hoton a ƙafafunsa don kada ya tashi daga ƙasa.

Sauti ya zo a ƙarshe: shuuu na wucewar takobi, da ƙas na saukarsa. Ƙas ɗin ya riƙa makara, ashe akwai ɗan shiru a farkon fayil ɗin, na yanke shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity har sautin ya faɗo a kan firam ɗin da tsaiko ke farawa. Na kuma riƙa sauya `pitch`, wato kaifin sautin, tsakanin 0.95 da 1.05 don kada kunne ya ƙosa da maimaici.

Ƙanena ya sake karɓar wasan, ya yi ta sarar dodo ɗaya har ya manta da ƙofar da ya kamata ya shiga. Mako mai zuwa zan ba da labarin girgiza kyamara da yadda ta sa shi jiri.