Yadda na gyara wasiƙar neman aikina ga wani kamfanin waje

Mu a nan Zariya, takardar neman aiki roƙo ce cikin ladabi. Mutum ya faɗi jiharsa da ƙaramar hukumarsa da shekarunsa, ya ce in aka taimaka aka ɗauke shi zai yi aiki tsakani da Allah, ya liƙa ƙaramin hoto, sannan a nemi wani babba ya miƙa. Da wannan tsarin na fito daga tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Bayan na gama bautar ƙasa, wani kamfanin iri na Turai ya tallata gurbin mai tattara bayanan gwajin masara a jihar Kaduna. Na kai wa malamin da ya duba min aikin kammala digiri abin da na rubuta. Ya karanta, ya ce, "Ɗana, wanda zai karanta wannan bai san ka ba, bai san mai miƙa takardarka ba. Nuna masa abin da hannunka ya yi."

Sai na ajiye tallar a gabana na ja layi ƙarƙashin abu uku da suke nema: tsara filin gwaji, aiki da Excel, da iya magana da manoma. Kowanne na ba shi amsa da aikin da na taɓa yi. A madadin "ni mai ƙwazo ne", na rubuta cewa na gwada irin masara 6, kowanne sau 4, wato fuloti 24, a gonar da ƙuduji ya addaba, ina ƙirga tsiron ƙudujin duk mako, kuma ni na lissafa yabanyar kowane fuloti a Excel. Hausata ma na sa ta a matsayin ƙwarewa, domin da ita za a tattauna da manoman Giwa da Soba.

Inda na fi daɗewa shi ne abubuwan da mu kaɗai muka san ma'anarsu. Makin digirina 4.1 ne, to wanda ya saba da ma'aunin da ke tsayawa a 4 zai ɗauka kuskure ne, don haka na rubuta 4.1 cikin 5. Bautar ƙasa kuwa na bayyana ta da cewa aikin shekara ɗaya ne na wajibi ga waɗanda suka gama jami'a, na faɗi abin da na yi a cikinta. Lambar wayata na fara ta da +234.

Jiha, addini, aure da hoto duk na cire su, tunda tallar ba ta nema ba. Da ta nema, da na saka. Ladabin dai ban zubar ba, na tattara shi cikin jumla ɗaya ta godiya a ƙarshe. Wasiƙar ta tsaya a shafi ɗaya, na mayar da ita PDF mai ɗauke da sunana, na tura.