Kuɗin da aka cire maka a inbois ba bashi ba ne, ba asara ba ce

Ƙannena masu fara ɗaukar aikin kamfanoni da ma'aikatu, akwai ranar da za ta zo wa kowannenku. Ka gama aiki, ka miƙa inbois, alat ya shigo, sai ka ga kuɗin bai cika ba. Ka kira akantan waɗanda ka yi wa aikin, ya ce maka an cire WHT. Yadda ka rubuta wannan giɓin a littafinka a ranar shi ne zai nuna ko kuɗin zai dawo ya amfane ka ko ya tafi ke nan. Ni aikina haɗa na'urorin kwamfuta da kula da su a ofisoshi da masana'antun casar shinkafa a nan Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma na yi shekaru ina rubuta shi ba daidai ba.

WHT haraji ne a kan kuɗin shigarka, amma doka ta ɗora wa mai biyanka nauyin ya cire shi tun daga tushe, ya kai wa hukumar haraji da sunanka. Kamar kafin alƙalami ne da aka ajiye maka a wurin hukuma. Idan lokacin lissafin harajin shekara ya yi, sai a ɗebe shi daga abin da ake binka. Saboda haka kuɗin naka ne har yanzu, wurin zama kawai ya canza.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce kamfaninka ya yi wa wata masana'anta aikin fasaha na Naira 2,400,000. Ka ɗora VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato 180,000, jimillar inbois ta zama 2,580,000. A ƙa'idar cire haraji daga tushe ta 2024, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2025, aikin fasaha da na ba da shawara da na ƙwararru ana cire masa kashi 5 cikin ɗari idan mai aikin mazaunin Najeriya ne. Ana lissafa kashi biyar ɗin a kan kuɗin aikin zalla, ban da VAT. Abin da za a cire ke nan 120,000, abin da zai shiga asusunka kuma 2,460,000. Wanda kasuwancinsa bai kai matsayin ɗora VAT ba sai ya cire wannan layin, sauran lissafin yana nan yadda yake.

A ranar da ka miƙa inbois, za ka rubuta cewa kana bin masana'antar 2,580,000. Daga ciki 2,400,000 kuɗin aikinka ne, 180,000 kuma VAT ne da ka karɓa a madadin gwamnati. A ranar da alat ya shigo, za ka rubuta 2,460,000 a shafin banki, ka buɗe wani shafi na daban mai suna harajin da aka cire mini, ka sa 120,000 a ciki, sannan ka share bashin masana'antar gaba ɗaya. Masu aiki da manhajar lissafi za su ga abin kamar haka:

```
Dr Bank                 2,460,000
Dr WHT Receivable         120,000
   Cr Accounts Receivable    2,580,000
```

Wannan shafin na biyu yana zama a ɓangaren dukiyarka, tare da kuɗin banki da basussukan da kake bi. Ba ya shiga cikin kuɗin da ka kashe.

Abin da na riƙa yi da farko shi ne na rubuta abin da ya shigo banki kawai a matsayin kuɗin aiki. A ganina a lokacin, abin da ban taɓa da hannuna ba bai shafe ni ba. Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, cinikina na shekara ya fito ƙasa da gaskiyarsa, alhali mai biyana yana aika wa hukuma jadawali mai ɗauke da sunana da lambar harajina da cikakken kuɗin aikin. Duk ranar da aka ajiye jadawalinsa kusa da lissafina, za a ga na bayyana ƙasa da abin da aka biya ni, kuma jami'in da ke dubawa ba ya karanta zuciya, lambobi yake gani. Ta biyu ta fi ciwo. Tun da babu inda na rubuta abin da aka cire, da lokacin biyan harajin shekara ya zo sai na biya shi cif daga aljihuna. Na biya haraji sau biyu a kan aiki ɗaya, ba wanda ya tilasta ni.

Da na ɗan waye na fara rubuta cikakken inbois, sai na faɗa wani ramin. Idan aka biya ni, sai in bar giɓin a shafin mai aikin, kamar ragowar bashi. A hankali littafina ya cika da ƙananan basussuka, wannan dubu arba'in, wancan dubu ɗari da ashirin. Har yaron ofishina na tura ya je ya tuna wa wani dattijo mai kamfani cewa muna binsa, mutumin da ya biya mu daidai kuma ya bi doka. Bai ji daɗi ba, kuma da gaskiyarsa. A ƙarshen shekara na tattara su duka na rubuta su a matsayin bashin da ya mutu. Da wannan na rage ribata a takarda ba bisa ƙa'ida ba, na kuma yafe kuɗin da suke ajiye da sunana.

Akwai alamar da za ka gane ko kana cikin wannan ramin. Buɗe jerin waɗanda kake bi bashi. Idan ka ga ragowa da yawa da idan ka raba su da kuɗin aikin zalla suna ba ka kashi 5 ko 2 ko 10 cikin ɗari cif-cif, ba bashi ba ne, haraji ne da ka ajiye a gidan da ba nasa ba.

Wannan rabawar ka mayar da ita ɗabi'a a duk alat da ya shigo, domin masu cirewa ma suna kuskure. A misalinmu, idan giɓin ya zama 129,000 maimakon 120,000, to an lissafa kashi biyar ɗin a kan jimillar da ta haɗa da VAT, an cire maka 9,000 fiye da ƙa'ida. Idan ya zama 240,000, ɗayan biyu ne: ko akantansu yana amfani da tsohon ƙiyasin kashi 10 da ake cire wa kamfanoni kafin 2025, ko kuma ba su da lambar harajinka ta TIN, domin ƙa'idar ta ce a ninka abin cirewa ga wanda ba shi da ita. Gyaran irin wannan yana da sauƙi a makon da aka biya ka, kafin su kai kuɗin. Bayan sun kai, sai dai ka jira lissafin shekara. Shi ya sa yanzu nake buga TIN a saman kowane inbois, in raba kuɗin aiki da VAT a layi daban-daban.

Rubutawa daidai rabin aiki ne. Hukuma ba za ta rage maka haraji don littafinka ya ce an cire ba, shaida take so. Mai cirewa yana da wa'adi: idan kuɗin na hukumar tarayya ne, zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, idan na jiha ne, zuwa ranar 30. Bayan ya kai, sai abin ya bayyana a ƙarƙashin lambarka a matsayin kiredit. Mu masu kamfani mun saba duba shi a TaxPro Max, shafin intanet na hukumar harajin tarayya. Ƙa'idar 2024 ta ƙara wani abu da ya kamata kowa ya riƙe: dole mai cirewa ya ba ka rasit na abin da ya cire, kuma za ka iya gabatar da shi ga hukuma a ba ka kiredit ko da bai kai kuɗin ba, sai bashin ya koma kansa. Don haka ka nemi rasit ɗin tun ana cikin dariya da kai, kuma ka duba ya ƙunshi sunanka daidai, da TIN, da irin aikin, da cikakken kuɗin, da abin da aka cire. Akantoci suna canza wurin aiki. Wanda ya gaje shi ba zai san zancen bara ba.

Asarar da ta fi yi mini yawa a nan ta faru. Na fara sana'a da rajistar sunan kasuwanci, wadda harajinta na mutum ne, yana zuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Daga baya na yi rajistar kamfani, wanda harajinsa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS kafin ta koma NRS a 2026. Na canza kan takarda, na canza asusun banki, amma ban rubuta wa tsofaffin abokan hulɗata na ba su sabuwar lamba ba. Suka ci gaba da kai abin da suke cirewa jiha da tsohuwar lambata. Littafin kamfani yana nuna kiredit, shafin hukuma babu komai. Kuɗin bai ɓata ba, amma yana sunan mutum, harajin da ake bi kuma na kamfani ne, kuma a idon doka mutum biyu ne daban. Duk wanda zai yi irin wannan sauyi, ya aika wasiƙa ga kowane mai biyansa kafin inbois na gaba, ya tabbatar an gyara a rajistarsu.

Tun daga nan na raba shafin harajin da aka cire mini gida biyu: wanda aka cire amma shaida ba ta zo ba, da wanda shaida ta zo. A ƙarshen kowane wata ina gwada na biyun da abin da ke shafin hukuma, na farkon kuma duk abin da ya wuce wata biyu a cikinsa ina ɗaukar waya. Idan ma'aikatar gwamnati ka yi wa aiki, ka ƙara lura, domin ita takan riƙe VAT ɗin ma. Kada ka dunƙule su duka a shafin WHT. Nemi takardar biyan da ta fayyace kowanne, ka kai kowa gidansa.

Idan shekara ta ƙare aka lissafa harajin kamfaninka ya kama 600,000, kana da kiredit mai shaida na 350,000, abin da za ka biya 250,000 ne. A littafi sai ka ɗebe 350,000 daga shafin harajin da aka cire maka, ka rage bashin harajin da shi. Idan kiredit ɗin ya fi harajin yawa, ragowar tana nan a shafin, ka tsallaka da ita shekara mai zuwa ko ka nemi a mayar maka. VAT ɗin nan na 180,000 kuwa lissafinsa daban ne, ana kai shi wata-wata, kuma riƙe maka 120,000 da aka yi ba ya rage ko kwabo daga cikinsa.