Na gwada kaifin ƙwaƙwalwar ɗana, ban gwada shi cikin abokansa ba

Wata huɗu na yi ina koya wa ɗana tuƙi yana da shekara 18, kuma bai taɓa ba ni dalilin fargaba ba. Ya haddace dokokin hanya, har yakan lissafa mini tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya. Wannan basirar ce ta ruɗe ni na miƙa masa makulli, na kuma yarda ya ɗauki abokansa uku.

Ya iso mahaɗa fitila ta koma ruwan ɗorawa, maimakon ya taka birki sai ya ƙara wuta, wata mota ta daki gefensu. Allah ya tsare rayuka, amma yaron da ke kujerar baya ya karye a hannu, kuma har yau nauyin iyayensa nake ji. Da na tambaye shi wanda ya zuga shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi babu wanda ya ce uffan." Na ɗauka rufa musu asiri yake yi.

Ashe gaskiya ya faɗa. A shekarar 2005 masana halayyar ɗan Adam Margo Gardner da Laurence Steinberg sun gwada mutane da wasan tuƙi na kwamfuta. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka kasadarsu idan abokansu na wurin, 'yan 18 zuwa 22 sun ƙara kusan rabi, manya kuwa ba su canza ba. A wani gwajin na 2011, abokan suna kallo ne daga wani ɗaki dabam, amma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen da ke kwaɗayin lada ya ƙara motsi a matasa. Sanin cewa idon aboki yana kan matashi ya wadatar.

Dalili shi ne sassan ƙwaƙwalwa ba sa nuna tare. Sashen lada, mai aiki da sinadarin dofamin, yana ƙara ƙarfi tun lokacin balaga, alhali sashen da ke bayan goshi, wanda ke danne zumuɗi, ba ya gama haɗuwa da sauran sai wajen shekara 25. Tunani cikin natsuwa yakan kai matakin na babba tun kusan shekara 16, kuma shi kaɗai na yi ta aunawa wata huɗu, ina zaune kusa da yaron, ga shiru, ga lokaci. Hukuncin daƙiƙa biyu a gaban tsara kuwa ban taɓa ganinsa ba, domin zamana a motar shi ne birkin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wa'azin haɗari da na yi ta masa, alhali ya riga ya san haɗarin sarai. Yanzu yana tuƙi shi kaɗai ko tare da babba, da rana, ba tare da abokai ba, kuma sai bayan shekara guda zan bar shi ya ɗauki mutum ɗaya.